Mega Goma Sha Biyu, Amma Fayil Ya Ƙi Sauka

Mu ɗauki mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. An kawo masa wata waya da ta maƙale a kan tambari, da an kunna ta sai ta tsaya nan, ba gaba ba baya, sai an yi mata filashin. Fayil ɗin da zai sauke domin wannan aiki, shafin da yake ajiye ya rubuta girmansa 2.4 GB. Ya gwada saurin intanet ɗinsa, allo ya nuna masa 12 Mbps. Sai ya buga lissafi a ka: giga 2.4 mega 2,400 ke nan, idan aka raba gida 12 za a sami daƙiƙa 200, wato minti uku da 'yan kai. Ya dubi mai waya ya ce, "Alhaji, zauna ga benci, kafin ka shanye ruwan nan an gama."

Alhaji zai shanye ruwan, ya amsa waya, ya je ya yi La'asar ya dawo, fayil bai gama sauka ba. Mai gyara kuwa zai soma zagin sabis. Alhali sabis bai yi laifin komai ba a wannan karon, 12 ɗin da ya ce zai bayar ita yake bayarwa. Lissafin ne ya tashi a karkace tun daga tushe, domin "mega" ɗin da ke cikin girman fayil daban, "mega" ɗin da ke cikin saurin intanet daban. Ɗaya ya ninka ɗaya sau takwas.

Ƙaramin b da babban B

Duk abin da ke cikin waya ko kwamfuta, hoto ne, murya ce, rubutu ne, a ƙarshe jerin sifili da ɗaya ne. Kowane guda daga cikinsu, 0 ko 1, shi ake kira bit. Babu abin da ya fi shi ƙanƙanta a wannan fage. Claude Shannon ne ya fito da shi fili a matsayin ma'aunin bayani a wata maƙala da ya wallafa a 1948, shi kuma ya ce daga John Tukey ya samo sunan. To amma bit guda ba ya iya ɗaukar ko harafi ɗaya, abu biyu kawai yake iya bambantawa. Shi ya sa ake haɗa su rukuni-rukuni. Idan aka jera bit takwas, za a iya tsara su ta hanya 256 daban-daban, wanda ya isa a ba kowane harafin boko, babba da ƙarami, da kowace lamba da alamar rubutu, nata tsarin. Wannan rukuni na takwas shi ne bait. Werner Buchholz na kamfanin IBM ya raɗa masa suna a 1956, kuma tun da kamfanin ya fito da kwamfutocinsa na System/360 a 1964 aka fara tsayawa a kan takwas, har ya zama abin da kowa ya bi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Masu ma'ajiya, wato masu ƙera memori da hadis da masu rubuta manhaja, da bait suke ƙirga, saboda da bait kwamfuta take ajiye abu. Masu sadarwa kuwa da bit suke ƙirga, domin aikinsu aika 0 da 1 ne ta waya ko ta iska, kuma tun zamanin tsofaffin modem masu 56 kbps da ake haɗawa da layin tarho haka suke auna saurin layi. Kowa ya riƙe nasa har yau. Girman fayil, da datar da kake saye, da sararin da ya rage a wayarka, duk da bait ake faɗinsu. Saurin sabis, da abin da aka rubuta a kwalin rauta, da sakamakon gwajin sauri, duk da bit ake faɗinsu.

A rubuce, bambancin bai wuce girman harafi ɗaya ba. Babban B bait ne, ƙaramin b bit ne. MB megabait, Mb megabit. Idan ka ga Mbps ko Mbit/s, megabit ne a kowace daƙiƙa. Idan ka ga MB/s, megabait ne a kowace daƙiƙa. A baki kuma ko wannan ɗan bambancin babu, kowa "mega" yake cewa. Kamar a ce kana da mudun da ke cin gwangwani takwas, mai awo yana ƙirga maka da gwangwani, kai kuma kana lissafin buhunka da mudu. Ya ce yana zuba goma sha biyu, bai yi ƙarya ba, amma mudu ɗaya da rabi ne yake shiga buhu.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da Garwa da Injamena sun ɗan fi samun sauƙi a nan. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci, bait sunansa octet, saboda haka ana sayar musu da data da Mo da Go, sauri kuma a rubuta Mbit/s ko Mbps. Harafin ma ba ɗaya ba ne, ido ba ya ruɗewa. Amma lissafin bai canja ba: Mo ɗaya daidai yake da MB ɗaya, kuma megabit takwas ne a cikinsa.

Akwai masu ganin kamfanonin sadarwa da gangan suke faɗin sauri da bit don lambar ta yi girma. Ni ban ɗauki abin a matsayin zamba ba, ma'aunin ya girmi tallar da ake yi da shi nesa ba kusa ba. Sai dai ba na zaton akwai wani mai talla da ya taɓa jin haushin cewa 150 ta fi 18 daɗin gani a jikin kwali.

Lissafin kansa

Mu koma kan fayil ɗin filashin. Aiki biyu ne kawai. Na farko, a mayar da sauri zuwa ma'aunin fayil ta hanyar raba shi gida takwas: 12 Mbps a raba takwas, megabait 1.5 ke nan a daƙiƙa. Na biyu, a raba girman fayil da wannan saurin: 2,400 a raba 1.5, daƙiƙa 1,600. A raba da 60 domin a sami minti, sai a ga minti 26 da daƙiƙa 40. Wannan shi ne mafi ƙarancin lokacin da fayil ɗin zai ci idan komai ya tafi daidai, sauri bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya.

```
MB/s = Mbps ÷ 8
lokaci = MB ÷ (MB/s)

12 ÷ 8 = 1.5
2400 ÷ 1.5 = 1600
1600 ÷ 60 = 26.7
```

Wanda ya fi son ninkawa yana iya bi ta ɗaya gefen, ya ninka girman fayil sau takwas ya mayar da shi megabit, 2,400 sau 8 ya ba da 19,200, sannan ya raba da 12. Amsa ɗaya ce, 1,600. Abin da ba ya halatta shi ne a raba bait da bit kai tsaye, wanda shi ne abin da mai gyaran nan ya yi.

Ga wanda ba ya son taɓa kalkuleta, akwai lamba ɗaya da ta cancanci a haddace. Giga ɗaya megabit 8,000 ne. A layi mai saurin 1 Mbps zai ci daƙiƙa 8,000, wato minti 133, awa biyu da minti goma sha uku. Daga nan komai rabawa ne. Idan saurinka 10 Mbps ne, raba 133 gida goma, kowane giga zai ci minti 13 da 'yan daƙiƙoƙi. Idan 25 ne, minti biyar da ɗan ɗori. Ba haka kawai na zaɓi waɗannan lambobi biyu ba: su ne burin da shirin faɗaɗa intanet na Najeriya na 2020 zuwa 2025 ya sa a gaba, 10 Mbps a karkara, 25 Mbps a birane. Idan kuwa wayarka ta faɗo kan E ɗin nan da ke fitowa a saman allo a wasu ƙauyuka, inda da ƙyar ake samun 200 kbps, wato kashi ɗaya cikin biyar na megabit, giga ɗaya zai ci sama da awa goma sha ɗaya. A nan shawara ba ta lissafi ba ce, a bari sai an shiga gari.

Juya wannan lambar ta ɗaya fuskar, sai ta amsa wata tambayar da ta fi damun masu sayen datar dare. Layi mai 1 Mbps yana kawo megabait 450 a awa guda, domin daƙiƙa 3,600 ne a awa, a raba takwas. Ɗalibin da ya sayi datar da ke aiki daga ƙarfe goma sha biyun dare zuwa biyar na asuba yana da awa biyar. Idan saurin da yake samu a ɗakinsa 2 Mbps ne, megabait 900 ke nan a awa, giga huɗu da rabi kafin lokaci ya ƙare. Idan fayil ɗin da yake nema giga shida ne, to ba zai gama a dare ɗaya ba ko da datarsa ta kai giga goma. Gara ya sani tun da wuri ya nemi manhajar saukewa da take iya tsayawa ta ci gaba daga inda ta tsaya, maimakon ya farka ya tarar an yanke shi a kashi 75 cikin ɗari, ko kuma an shiga cin datarsa ta rana.

Me ya sa ko lissafin daidai ba ya cika

Wanda ya raba da takwas ya tsallake babban rami, amma zai lura fayil yana wuce lokacin da ya ƙiyasta. Dalilan suna da yawa, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba, kuma mutane sun fi ba wa marar nauyin muhimmanci.

Marar nauyin shi ne rikicin 1,000 da 1,024. Masu sadarwa da masu ƙera hadis suna ɗaukar giga a matsayin mega 1,000. Windows kuwa da 1,024 take ƙirgawa a kowane mataki. Shi ya sa hadis mai 500 GB yake nuna kusan 465 GB idan an jona shi, ba wanda ya saci komai. Tun 1998 hukumar IEC ta fitar da wasu alamomi na daban, MiB da GiB, domin masu ƙirga da 1,024, amma ba kowa ya karɓe su ba. A matakin giga bambancin kusan kashi bakwai ne cikin ɗari. Idan 2.4 ɗin fayil ɗinmu irin na Windows ne, ainihin girmansa ya kai megabait 2,577, lokacin kuma ya ƙaru da kusan minti biyu. Ba abin da zai sa Alhaji ya tashi ba ne.

Na biyu shi ne kayan rakiya. Fayil ba ya tafiya a dunƙule, ana yanka shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi yawanci bai wuce bait 1,500 ba. A cikin wannan, aƙalla bait 40 ba na fayil ɗinka ba ne, adireshin mai aikawa ne da na mai karɓa da lambar jeri, domin a san ƙunshin da ya riga wani da wanda ya ɓace a hanya. Saura 1,460 su ne kaya. Idan aka haɗa da abin da ita kanta wayar sadarwa take ƙarawa, kusan kashi biyar cikin ɗari na layin yana tafiya a kan rakiya. Layi mai 100 Mbps ba zai taɓa ba ka megabait 12.5 a daƙiƙa ba, a wajen 11.8 zai tsaya. Daga nan ne masu aikin suka samo al'adar raba sauri gida goma maimakon takwas: ya fi sauƙi a ka, kuma ya bar ɗan sarari. A misalinmu, 12 a raba goma 1.2 ke nan, 2,400 a raba 1.2 daƙiƙa 2,000, minti 33 da 'yan kai. Da mai gyara ya ce wa Alhaji ya je ya dawo bayan rabin awa da ɗan ƙari, da ya fi kusa da gaskiya.

Na uku shi ne babba, kuma shi ne wanda ba ya shiga kalkuleta: lambar saurin da ka sa a lissafi daga ina ka samo ta? Idan daga kwalin na'ura ce, ajiye ta gefe. 150 Mbps ɗin da ake rubutawa a jikin ƙananan rautocin 4G iyakar abin da na'urar za ta iya karɓa ne a yanayi mafi kyau, kusa da turken sabis, babu kowa a kansa sai kai. A zahiri turke ɗaya yana raba ƙarfinsa tsakanin duk wayoyin da ke maƙale da shi. Shi ya sa sandunan sabis huɗu a saman allo ba sa nufin sauri. Sanduna suna faɗin ƙarfin siginar da ke isowa wayarka ne, ba sa faɗin mutum nawa kuke rabawa. A tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ko a unguwa bayan sallar Isha lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu, kana iya samun sanduna cike da sauri na tausayi.

Idan kuma daga gwaji ka samo lambar, kamar Speedtest na Ookla ko fast.com na Netflix, ta fi ta kwali amfani nesa, amma ita ma tana da iyaka. Waɗannan manhajoji suna neman saba mafi kusa da kai, wato kwamfutar da za su ja bayani daga gare ta, sau da yawa a Legas ko Abuja, su buɗe hanyoyi da dama a lokaci guda, su auna na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da suke faɗa maka shi ne ƙarfin layinka a wannan ɗan lokacin zuwa wannan wurin. Fayil ɗinka kuwa yana iya kasancewa a wata saba a Turai ko China, sai ya bi wayoyin ƙarƙashin teku ya sauka a gaɓar Legas kafin ya hauro Arewa, kuma mai sabar yana iya ƙayyade wa kowane mai saukewa kyauta saurin da ba zai wuce ba. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa sun ga sabis a wayoyinsu amma intanet na rarrafe. Tsakanin waya da turke lafiya lau, can gaba ne hanya ta tsuke. Saurin saukewa kullum saurin wuri mafi tsukewa ne a duk tsawon hanyar.

A lura kuma, gwajin sauri ba kyauta ba ne. Bayanin gaske yake ja domin ya auna. A layi mai 20 Mbps, daƙiƙa goma sha biyar na gwaji sun kusa cin megabait 40, kuma mafi saurin layi mafi yawan abin da zai ci. Mai data ƙalilan kada ya mayar da shi wasa.

Lambar da ke tsalle

Kowa ya san lambar nan ta "saura minti kaza" da ke fitowa a ƙarƙashin fayil, wadda take cewa saura minti takwas, can ta ce saura awa ɗaya, can ta dawo minti ashirin. Ba ruɗewa ta yi ba. Lissafin da muka yi a sama shi take yi, tana raba abin da ya rage da saurin 'yan daƙiƙoƙin da suka wuce. Da sauri ya motsa, amsa ta motsa.

Amma akwai tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa, domin hankali ba ya kama shi da sauri. A ce rabin farko na fayil ɗin, megabait 1,200, ya sauka da 20 Mbps. Megabait 2.5 ke nan a daƙiƙa, minti takwas cif. Sai kasuwa ta cika, sauri ya faɗo 2 Mbps, rabi na biyu ya zo da kwatan megabait a daƙiƙa. Wannan rabin zai ci daƙiƙa 4,800, minti tamanin. Jimla minti 88. Wanda ya haɗa 20 da 2 ya raba biyu zai ce matsakaicin sauri 11 ne, ya sa ran minti 29. Ainihin matsakaicin bai kai 4 Mbps ba. Dalili shi ne lokacin jinkiri ya fi tsawo, don haka shi yake rinjaye. Layin da ke ba ka 8 Mbps a tsaye ba motsi ya fi wanda ke kai 30 na ɗan lokaci sannan ya faɗi ƙasa warwas, idan babban fayil ne a gabanka.

Saboda haka hanya mafi aminci ta ƙiyasi ba gwaji ba ce, fayil ɗin kansa ne. Fara saukewa, ka bar shi ya yi minti biyu, domin a farkon haɗuwa ana soma turowa a hankali ne sannan a ƙara, kuma lambar daƙiƙoƙin farko ba abin dogaro ba ce. Sannan ka duba nawa ya shigo. Idan megabait 150 ya shigo a minti biyu, 75 ke nan a minti, fayil mai 2,400 zai ci minti 32. A nan babu raba takwas ko goma, domin bait ka auna da bait.

Yadda ake gane inda matsalar take

Yawancin manhajojin saukewa, da Chrome, da ɗan ma'aunin da wayoyi irin su Tecno da Infinix suke nunawa a saman allo, da bait suke nuna sauri, KB/s ko MB/s, wani lokaci ma a gajarce K/s ko M/s. Abu na farko shi ne a ninka wannan lambar sau takwas a kwatanta da sakamakon gwaji. Idan gwaji ya ce 12 Mbps, saukewa kuma tana nuna 1.4 MB/s, ninka takwas ya ba da 11.2. Babu matsala ko kaɗan, kana samun duk abin da layin yake da shi, kuma kiran kamfani ɓata kati ne.

Idan kuwa tana nuna 300 KB/s, wato 2.4 Mbps, alhali gwaji ya ce 12, to akwai abin dubawa. Kalli yadda lambar take motsi. Idan tana hawa da sauka ba tsari, cunkoso ne ko raunin sigina, kuma canja wuri ko canja lokaci yana iya taimakawa. Idan ta kafe a wuri guda kamar an ɗaure ta, musamman a lambobi irin su 64 KB/s ko 128 KB/s, to wani ne ya sa iyaka da gangan. Ninka su takwas ka gani: 512 kbps da 1,024 kbps, lambobin da mutum ne ya zaɓe su. Ko dai mai sabar ne ya ƙayyade, ko kuma ka cinye kason da tsarin datarka ya ba ka da cikakken sauri, an rage maka. Bambance su ba wuya: sauke wani fayil daga wani wuri daban. Idan ya zo da gudu, laifin sabar farko ne. Idan shi ma ya kafe a lamba ɗaya, daga layinka ne.

Wani lokaci kuma ɓarawon a cikin gida yake. Kwamfutar da aka jona da hotsifot ɗin waya tana iya fara sabunta kanta a ɓoye, wayoyin yaran shago uku suna kan rauta ɗaya, ɗaya yana kallon bidiyo. Bidiyo mai kyawun 1080p shi kaɗai yana neman wajen 5 Mbps, kusan rabin 12 ɗin. Ga masu layin gilashi ko Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, akwai wata alamar da ta kamata su sani: idan saukewa ta kafe tsakanin 11 da 12 MB/s komai saurin da aka biya, yawanci wata tsohuwar kafar rauta ko waya mai iyakar 100 Mbps ce a tsakani.

Ba duk jinkiri ne na sauri ba. Hotuna dubu masu megabait ɗaya-ɗaya sun fi fayil guda mai giga ɗaya cin lokaci, ko da yake nauyinsu ɗaya, saboda kowane hoto sai an nema, an jira amsa, sannan ya taho. Lissafinmu na babban fayil guda ne. Idan ƙananan fayiloli ne barjat, a ɗaure su wuri ɗaya a matsayin zip kafin a tura.

Idan kai ne mai turawa

Gwajin sauri lamba biyu yake bayarwa, ta saukewa da ta ɗorawa, kuma mutane sun saba kallon ta farko su rufe. A layukan waya ta biyun kusan kullum ta fi ƙanƙanta, domin an tsara su ne a kan cewa mutane sun fi karɓa fiye da aikawa. Ko na'urar nan mai 150 Mbps a kwali, iyakarta a ɗorawa 50 ce.

Mai ɗaukar bidiyon biki da zai tura wa dangin amarya a Kumasi fayil mai 1.5 GB ta WhatsApp, wanda tun 2022 yake karɓar fayil har 2 GB, da lamba ta biyu zai yi lissafi. Idan gwajinsa ya nuna 20 a saukewa, 3 a ɗorawa, to 20 ɗin ba ruwanta da aikinsa. Megabait 1,500 sau takwas megabit 12,000 ne, a raba uku, daƙiƙa 4,000, awa ɗaya da kusan minti bakwai. Sai bayan ya gama ɗorawa ne waɗanda ke Kumasi za su fara nasu saukewar da nasu saurin, kuma kowannensu sai ya ƙone giga ɗaya da rabi na datarsa. Idan ya matse bidiyon ya dawo megabait 500 kafin ya tura, nasa lokacin zai koma minti 22, nasu kuɗin datar kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku.